Kundin Shirya Ɗalibai Don Tashar Awo a Jarrabawar Oski

Litinin, 6 ga Janairu

An ɗora mini shirya ɗalibai 24 na aji biyu don tashar awon zafin jiki, bugun jini, numfashi da awon jini, a jarrabawar aiki da muke kira Oski, wadda makarantarmu za ta yi a tsakiyar Fabrairu, kafin azumi. Tsarin jarrabawar, wanda Farfesa Ronald Harden da abokan aikinsa suka bayyana a 1975 a Dundee, shi ne ɗalibi ya zaga tasha bayan tasha, a kowace ya yi aiki guda a gaban mai dubawa da ke riƙe da takardar maki, ƙararrawa na kaɗawa ya wuce gaba. Mun tsayar da minti takwas ga tasharmu.

Yau ban koyar da komai ba. Na raba su biyu-biyu, na ce kowa ya auna ɗan'uwansa yadda ya saba yi a asibitin da ya je koyon aiki, ya rubuta a takarda ya kawo mini. Da dare na zauna na ƙirga. Takarda 24, kowace da lambar sama da ta ƙasa, lambobi 48 ke nan, kuma 37 daga ciki sifili ne a ƙarshensu: 120/80, 110/70, 120/70. Zanen ma'aunin biyu-biyu yake tafiya, saboda haka lambar ƙarshe tana iya zama 0, 2, 4, 6 ko 8, kuma in da abin da kunne ya ji ake rubutawa, waɗanda za su ƙare da sifili ba za su yi nisa da goma ba. Numfashi kuwa kusan kowa 18 ko 20 ya rubuta, babu mai 13, babu mai 17. Matsalar ajin nan ba rashin sanin yadda ake ɗaura abin awo ba ce. Sun haddace lambar mai lafiya, ita suke rubutawa.

Laraba, 8 ga Janairu

Binciken kaya tare da Malamar da ke kula da ɗakin gwaji. Muna da ma'aunin jini mai agogo guda shida da mai zaiba guda ɗaya tsoho. Biyu daga cikin masu agogon allurarsu ba ta komawa kan sifili bayan iska ta fita, ɗaya kuma bututunsa ya tsattsage saboda bushewar hunturu, allura tana sauka da kanta ko an ƙulle makunnin iska. Na ajiye ukun gefe. Tamomita mai batir huɗu ne masu aiki.

Na ba direban da ke zuwa Kano saƙon abin sauraro mai kunnuwa biyu, wanda malami da ɗalibi za su ji sauti ɗaya a lokaci ɗaya, da ɗamara babba ta masu kaurin hannu, da bututu da batura. Abin da na ware duka naira dubu talatin da biyar ne, rabi daga ofis, rabi daga aljihuna kafin a mayar mini.

Litinin, 13 ga Janairu

Bugun jini da numfashi. Na tambayi ajin yadda suke ƙirga bugu, suka ce daƙiƙa 15 sai a ninka sau huɗu. Na nuna musu a allo cewa duk wanda ya yi kuskuren bugu ɗaya a haka, kuskuren huɗu ya rubuta, kuma in bugun ba ya tafiya daidai, yana tsallake ko yana gaggawa a wasu wurare, daƙiƙa 15 ba za ta nuna ba. A tasharmu cikakken minti za a ƙirga, da yatsu biyu ko uku a kan jijiyar wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, ba da babban yatsan mai awo ba, domin shi ma yana da nasa bugun. Bayan adadin, za a faɗi ko bugun a jere yake, da kuma ko mai ƙarfi ne ko mai rauni. Baligi da ke hutawa ana sa ran 60 zuwa 100.

Numfashi ya fi ba mu wahala. Da zarar ka ce wa mutum za ka ƙirga numfashinsa, ya daina numfashin da Allah ya ba shi, ya koma wanda yake sarrafawa. Dabarar tsohuwa ce: bayan minti na bugu ya cika, kada ka ɗauke yatsunka daga hannunsa, sai dai idonka ya koma kan ƙirji ko kafaɗa, ka ƙirga wani mintin, shiga da fita a matsayin ɗaya. Wani ɗalibi ya yi tambaya mai kyau, ya ce, “Malam, in ban faɗa ba, yaya mai dubawa zai san na ƙirga?” Na ce zai sani daga minti biyun da yatsunka suka yi a wurin, da kuma lambar da ka rubuta, domin shi ma yana ƙirga tasa. Ga mace mai babban hijabi, motsin kafaɗa ake kallo, ko a ɗora hannunta a kan cikinta yayin da ake riƙe da wuyan hannun.

Na tuna musu dalilin da ya sa ba na wasa da wannan lamba. A baligi 12 zuwa 20 ne. A yaro kuwa, jagorar kula da cututtukan yara ta ce numfashi 50 ko fiye a ɗan wata biyu zuwa ƙasa da shekara, ko 40 ko fiye a ɗan shekara ɗaya zuwa ƙasa da biyar, saurin numfashi ne da ke nuna ciwon huhu in akwai tari. A ƙaramin asibitin ƙauye inda babu hoton ƙirji, wannan ƙirgar ce ke raba yaron da za a ba maganin ciwon huhu da wanda mura kawai ke damunsa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Maimaici. Kowa ya ƙirga mutum biyar. An fara ganin 14, 15, 17 a takardu. Saƙon Kano bai iso ba.

Talata, 21 ga Janairu

Kaya sun iso jiya, ɗamarar ta fi yadda na ƙiyasta tsada da naira dubu huɗu. Yau muka fara awon jini da abin sauraro mai kunnuwa biyu, kuma abin da na gano ya ɓata mini rai. Sakin iska suke yi kamar an fasa tayar keke. Na riƙe agogo ga ɗalibai takwas na farko, daga 160 zuwa 60 cikin daƙiƙa goma suke saukowa, wato mmHg 10 a kowace daƙiƙa. Na yi musu lissafin a fili. Mutumin da bugunsa 60 ne, sauti ɗaya kake samu a daƙiƙa. In ainihin lambarsa ta sama 138 ce, allurarka kuma tana tsalle goma-goma, tana iya wuce 138 tsakanin bugu biyu, sautin farko ya zo maka a 130. Ka rage masa ta sama ke nan, sannan a ƙasa ka ji sautin ƙarshe da wuri ka ƙara masa. Kuma tun da allurar ba ta tsaya a inda ido zai karanta ba, sai kai ya cike gurbin da lamba mai sifili. Nan asalin waɗancan 37 ɗin yake.

Ƙa'ida ita ce mmHg 2 zuwa 3 a daƙiƙa, saboda haka daga 160 zuwa 60 ya kamata ya ci daƙiƙa 33 zuwa 50. Na ɗaura ɗamarun a jikin robobin ruwan sha da aka cika da yashi, na sa kowa ya yi ta hurawa yana saki, abokinsa na riƙe da agogo, babu majiyyaci, babu sauraro. Aiki ne na babban yatsa da manuniya kawai, kuma wanda ya ƙulle makunnin da ƙarfi tun farko shi ne zai buɗe shi da fizga. An yi ta dariya a kan auna jinin roba, amma kafin la'asar rabin ajin sun iya.

Alhamis, 23 ga Janairu

Zaman majiyyaci: ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore a kan tebur daidai da tsayin zuciya, babu magana. A tambaye shi ko ya ci goro, ya sha shayi mai kauri ko taba a cikin rabin sa'ar da ta wuce, ko fitsari na matse shi. Ƙasan ɗamara ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, alamar jijiya a kan jijiyar. Saboda sanyi kowa da rigar sanyi yake zuwa, sai su naɗe hannun rigar sama ya shaƙe dantse. Na hana. A cire hannun daga rigar, a bayan labule in mace ce, kuma da izininta.

Litinin, 27 ga Janairu

Yau ce ranar da na fi koyo, har ni kaina. Na gaji da yadda suke auna juna, matasa masu lafiya da lambobinsu ba sa wuce abin da aka haddace, sai na roƙi wasu daga cikin ma'aikatan makaranta su zauna mana. Baba mai shara, dattijo da ya haura sittin, ya yarda. Wata ɗaliba daga cikin masu ƙoƙari ta gaishe shi, ta ce, “Baba, in ka amince zan auna jininka,” ta ɗaura ɗamara daidai, ta hura zuwa 160 kamar yadda ta ga ana yi a ɗakin marasa lafiya, ta saki iska a hankali yadda muka koya. Ina sauraro ta ɗayan kunnen. Shiru daga 160 har 140, sautin farko a 138, ya ɓace a 92. Ta rubuta 138/92, kuma gaskiya abin da kunnena ya ji ke nan.

Abin da ya tsayar da ni shi ne yatsana yana kan wuyan hannun Baba lokacin da allura take 160, kuma bugu yana nan bai yanke ba. In jini yana wucewa a ƙarƙashin ɗamarar da aka hura zuwa 160, to lambar sama ta fi 160. Muka bar hannun ya huta minti biyu, muka sake bisa ƙa'ida. Na ce ta ajiye abin sauraro, ta riƙe bugun wuyan hannu tana hurawa har ya ɓace. Ya ɓace a wajen 178. Ta saki iska duka, ta jira, ta ƙara 30 a kan wannan, ta hura zuwa 208, sannan ta saurara. Sautin farko ya zo a 182, ya ci gaba har wajen 166, sai ya yi tsit kamar an gama, ya dawo a 138, ya ɓace gaba ɗaya a 92. Ainihin awon Baba 182/92 ne. Ita ta fara sauraro ne daga tsakiyar wannan gurbi na shiru, wanda ake samu a wasu dattawa masu hawan jini da jijiyoyinsu suka yi tauri, ta ɗauki dawowar sauti a matsayin farkonsa. Bambancin 44 ne, kuma hannunta bai yi kuskure ko ɗaya ba sai tsallake awon yatsa na farko.

Na tara ajin duka, da izinin Baba, uku daga ciki suka saurara, ban bari sun fi haka ba don kada a gajiyar da hannunsa. Na ba su labarin likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff wanda ya bayyana waɗannan sautuka a 1905, na ce sautin farko shi ne lambar sama, ɓacewarsa ta ƙarshe ita ce ta ƙasa, kuma kada a daina sauraro sai an sauka kamar 10 zuwa 20 bayan sauti na ƙarshe. A takardar makin da na tsara, awon yatsa maki ɗaya na ba shi kamar kowane mataki. Na gyara a daren nan ya zama uku.

Baba ya ce shi lafiyarsa ƙalau, sai dai ciwon kai jifa-jifa. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, yau ba shara.” Na sake auna shi a ɗaya hannun bayan ya huta, lambar ba ta sauka sosai ba, na sa aka kai shi asibitin garin a babur. Kuɗin mai naira dubu ɗaya da ɗari biyar.

Laraba, 29 ga Janairu

Babu wuta, babu ruwa a ɗakin gwaji. Mun yi wanke hannu da buta da bokiti. Awon yatsa kawai aka maimaita. An ɗora Baba a kan magani.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Girman ɗamara. Inna mai dafa abincin ɗalibai ta zauna mana. Na sa aka zagaya tsakiyar dantsenta da tef ɗin tela, ya ba da santimita 36. Jakar iskar da ke cikin ɗamara ya kamata tsawonta ya kai kashi 80 cikin ɗari na zagayen hannu, faɗinta kuma wajen kashi 40, saboda haka Inna tana bukatar jaka mai tsawon kusan santimita 29, alhali ta ɗamarar da muka saba da ita 23 ce. Da ƙaramar aka sami 148/94, da babbar 134/86. Ƙaramar ɗamara ba ta matse jijiya sai an hura fiye da kima, shi ya sa take ƙara lamba. Na ce su kwatanta in mai ciki ce da ta wuce mako 20, inda 140/90 ne ke sa a fara binciken matsalar da ke kai wa ga jijjiga: ɗamara kawai za ta iya sa a tayar mata da hankali a banza, kamar yadda babba a siririn hannu za ta iya ɓoye gaskiyar. A tashar zan ajiye ɗamara biyu da tef a kan tebur, ba zan ce komai ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Rubutawa. Fom ɗinmu yana neman kwanan wata, lokaci, lambobin huɗu da ma'auninsu, da sa hannu. Na ƙara musu cewa a zafin jiki a nuna wurin da aka auna, domin na hamata ya fi na baki ƙasa da wajen rabin digiri, kuma 37.5 a hamata zazzaɓi ne a jagorar yara. A awon jini a nuna wane hannu da kuma ko a zaune ne ko a kwance. A rubuta nan take, kafin a naɗe ɗamara, domin na ga wanda ya ji 126/84 ya tafi wanke hannu ya dawo ya rubuta 124/86. In an yi kuskure a ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na farko, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu. Babu gogewa, babu farin fenti. Wasu biyu sun rubuta 372 a maimakon 37.2.

Talata, 11 ga Fabrairu

Gwajin farko da ƙararrawa, kuma bai yi kyau ba. Goma sha ɗaya cikin 24 lokaci ya ƙare musu kafin su taɓa fom, kuma wanda bai rubuta ba ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na makin. Wani abin takaici, uku da suka ga lokaci na tafiya sun koma tsohon hali, suka fizge iska suka rubuta 120/80, alhali ni ina jin 112/74. Laifin nawa ne a wani ɓangare, domin na koyar da kowane awo shi kaɗai ban taɓa haɗa su da agogo ba.

Mun zauna mun raba minti takwas ɗin. Minti ɗaya na wanke hannu, sallama, tabbatar da sunan majiyyaci da neman izini, kuma ana ɗauka ya riga ya huta. Daga nan a share hamatar hagu in da gumi, a sa tamomita a tsakiyarta, a manne hannun da jiki, yana aikinsa ana ƙirga bugu da numfashi a hannun dama, minti biyu. A cire shi, a karanta, a rubuta ukun nan, rabin minti. Awon jini da zaɓen ɗamara da awon yatsa minti uku. Saura minti ɗaya da rabi na rubutawa, faɗa wa majiyyaci sakamakonsa, gaya wa mai dubawa in akwai lambar da ta fita daga ƙa'ida, goge kaya da wanke hannu. Inda suke asarar lokaci shi ne tsayuwa suna kallon tamomita, da doguwar gaisuwa har da tambayar iyali da gajiya. Ban so rage gaisuwar ba, don a gaban majiyyaci na gaske ita ce ke kwantar da hankalinsa, amma a tasha sallama da “ina kwana, yaya jiki” sun isa.

Wani abokin aiki ya ba da shawarar a bar su su ƙirga daƙiƙa 30 su ninka biyu don samun minti ɗaya. Ga bugun da yake a jere hakan karɓaɓɓe ne a aiki, na yarda da shi. Na ƙi ne a wannan ajin, saboda da kyar na raba su da daƙiƙa 15.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Taron masu dubawa, mu uku. Mun amince a karɓi awon jinin ɗalibi in bai bambanta da na mai dubawa da fiye da mmHg 4 ba, bugu da fiye da 4, numfashi da fiye da 2. Da muka gwada kanmu a mutum ɗaya, ni da ɗaya malamin muka sami bambancin 6 a lambar ƙasa, ashe shi yana ɗaukar inda sauti ya dushe ne, ni kuma inda ya ɓace. Gara da muka gano yau. An tsaya a kan ɓacewa. Na kuma roƙi kada kowa ya gyaɗa kai ko ya ɗaga gira a lokacin da sauti ya fara, domin ɗalibai sun iya karanta fuskar malami fiye da allura.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Gwaji na biyu, da ma'aikata huɗu a matsayin majiyyata, kowane ɗalibai shida, ana sauya hannu ana ba su hutu. Lemo da biskit nasu naira dubu uku. Ashirin da ɗaya sun gama cikin lokaci, goma sha takwas awon jininsu ya faɗa cikin 4 na nawa, huɗu sun ɗauki ƙaramar ɗamara ga Inna ba su taɓa tef ba. Na sake ƙirga lambobin ƙarshe: 14 cikin 48 ne masu sifili. Akwai ɗalibi ɗaya da hannunsa daidai yake a komai amma kullum lambarsa ta sama tana ƙasa da tawa da 8 zuwa 10. Na duba abin sauraronsa na ga bai juya kunnuwan baya ba, don haka gobe zan kai shi ɗakin da babu hayaniya mu gwada, in bai gyaru ba in rubuta masa takardar gwajin ji. Jarrabawa ranar Alhamis ce. Kafin nan sai na sami batura biyu, na kwatanta masu agogon nan da mai zaiba ta bututu mai reshe biyu, na kuma nemi wanda zai maye gurbin Baba, domin ranar ce zai koma asibiti.